Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Hana Rodi Tsatsa Cikin Kankare?

Wani mai sauraro daga Zariya ya tambaya, me ya sa rodin wani ɗakin ke tsatsa, na wani kuma ya shekara hamsin lafiya lau?

To Malam, amsar tana ga kaurin kankaren da ya lulluɓe rodin. Siminti yana da sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa, wanda ke yi wa ƙarfe wata siririyar riga da ke hana tsatsa kama shi. Amma iskar carbon dioxide tana ratsa kankare sannu a hankali tana kashe wannan kaifi. Ranar da ta isa ga rodi, in akwai danshi, tsatsa ta fara. Tsatsa kuwa kumbura take yi, sai ka ga tsagewa ta bi layin rodi, da jan tabo, kankare na ɓamɓarewa.

Ratsawar nan tana rage gudu yayin da take nutsawa, don haka ninka kauri sau biyu kan ninka shekarun kariya kusan sau huɗu. Shi ya sa injiniyoyi kan nemi kamar milimita 25 a cikin ɗaki, 50 ko fiye a harsashin gini.

Wani zai ce ai filasta za ta rufe. Tana taimakawa, amma ta fi kankare ƙofofin iska, kuma tana saɓulewa. Kaurin ma ba ya wadatarwa in an cika ruwa a kwaɓi. Saboda haka a ɗaga rodi bisa 'yan tubalan siminti kafin zubi, a girgiza kankaren ya zauna sosai, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai.