Darasin Kimiyyar Kasuwanci: Yadda Ake Neman Rangwamen Sari

Ɗalibai, darasinmu na yau ya shafi mai saye da yake son ɗaukar kaya da yawa a lokaci guda, kuma yana neman mai kaya ya rage masa farashi. Mutane da dama suna shiga wannan magana da roƙo, su ce, "Alhaji, a taimaka a rage mini, ai ni mai sayenka ne." Alhaji kuwa sai ya ce albarka, domin ba a nuna masa abin da zai samu ba. Rangwamen da yake ɗorewa shi ne wanda ya fito daga ɗawainiyar da sarinka ya ɗauke wa mai kaya. Wannan ɗawainiya tana aunuwa da lissafi, kuma shi za mu yi yanzu.

Misalin da za mu bi

Mu ƙaddara wani mai gidan burodi a Kano yana sayen fulawa a wajen wani dila a Kasuwar Singa. Duk mako yana ɗaukar buhu 25 mai kilo 50, wato buhu 100 a wata. Domin sauƙin lissafi, mu sa farashin buhu naira 50,000, ribar dila a kan kowane buhu kuma naira 2,000. Alƙaluman na misali ne, ku maye gurbinsu da na kasuwarku. Yanzu mai burodi yana son ya ɗauki buhu 100 ɗin gaba ɗaya a farkon wata, kuɗi hannu.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne rangwame daga ribar dila yake fita, ita kuwa 'yar kaɗan ce idan aka gwada ta da farashi. Da mai burodi zai ce a rage masa kashi 5 cikin 100, ya nemi naira 2,500 ke nan a kan buhu, alhali duk ribar dila naira 2,000 ce. A kunnen mai saye kashi 5 ba wani abu ba ne, amma a wajen dila an cinye riba har an taɓa uwar kuɗi. A nan ne mafi yawan irin wannan ciniki yake watsewa.

Mataki na farko: me dila zai samu?

Ku lura, yawan fulawar bai ƙaru ba. Buhu 100 ne da can, buhu 100 ne yanzu. Don haka cewa "zan sayi da yawa" ba hujja ba ce ita kaɗai. Amfanin dila a wurare biyu yake.

Na farko sufuri. A ce dila ne yake kai kaya, kowane sawu na ƙaramar mota naira 15,000, sawu huɗu naira 60,000 a wata. Idan babbar mota za ta kwashe buhu 100 a sawu ɗaya kan naira 30,000, dila ya tsira da naira 30,000. Kuɗin 'yan dako ba ya cikin wannan lissafi, domin su a kan buhu ake biyansu, kuma yawan buhu bai canja ba.

Na biyu juyawar jari, kuma shi ya fi nauyi ko da yake ba a ganinsa da ido. Da can kuɗin yana shigo wa dila kashi huɗu: kashi ɗaya yau, ɗaya bayan mako, ɗaya bayan mako biyu, na ƙarshe bayan mako uku. Idan aka daidaita su, kuɗin yana jiran mako ɗaya da rabi kafin ya iso. Yanzu kuwa naira miliyan 5 za ta shigo a rana ɗaya. Idan jarin dila yana juyawa sau ɗaya a wata da ribar kashi 4 cikin 100, to kowane mako yana haifar masa kashi 1. Mako ɗaya da rabi kashi 1.5 ke nan, kuma kashi 1.5 na miliyan 5 shi ne naira 75,000. Sai dai da sharaɗi: wannan amfani yana tabbata ne idan dila yana da inda zai saro sabon kaya da masu jiran saye. Dilan da kuɗinsa yake kwance ba zai damu da saurin biya sosai ba.

Idan muka haɗa, amfanin dila naira 105,000 ne, wato naira 1,050 a kan buhu. Wannan ita ce iyakar sama. Duk rangwamen da ya wuce ta asara ce a gare shi.

Mataki na biyu: me zai hau kan mai saye?

Ajiyar kaya tana da nata tsadar. Tun a 1913 wani injiniya Ba'amurke, Ford W. Harris, ya wallafa lissafin da yake auna kuɗin yawan odar kaya da kuɗin ajiye su, kuma har yau ana koyar da shi. Mai burodi yana bukatar sito mara danshi da katakon da za a jera buhuna a kai, mu ce naira 20,000 a wata. Fulawa kuma tana shan danshi ta dunƙule, musamman da damina, ga ƙwari ga ɓera. Mu ƙiyasta asarar rabin buhu, naira 25,000. Jimla naira 45,000, wato naira 450 a kan buhu. Wannan ita ce iyakar ƙasa, kuma rangwamen da bai kai ta ba bai biya wahalar ba. Mun ɗauka kuɗin nasa ne yana ajiye. Idan sai ya ci bashi ko ya hana ma'aikata albashi kafin ya haɗa miliyan 5, iyakar ƙasa za ta hau har ta iya wuce ta sama, kuma a wannan hali ya fi masa ya ci gaba da sayen mako-mako.

Mataki na uku: yadda ake faɗa

Tsakanin 450 da 1,050 ne filin ciniki. Mai burodi zai fara da abin da zai bayar kafin ya ambaci abin da yake so: "Alhaji, ina son mu sake tsari. Maimakon sawu huɗu, zan ɗauki buhu 100 a farkon kowane wata, kuɗi hannu ranar lodi, har wata uku a jere. Motarka sawu ɗaya za ta yi, kuɗinka kuma ya dawo maka da wuri. A kan haka nake neman a rage mini naira 900 a buhu."

Ya faɗi yawa, ya faɗi ranar biya da tsawon alkawari, sannan ya nemi adadi takamaimai. Bai ce ya san ribar Alhaji ba, domin ɗan kasuwa ba ya son a leƙa masa aljihu. Lissafin juyawar jari ƙiyasi ne da mai saye zai bar wa cikinsa. Idan suka daidaita a naira 700, mai burodi ya samu 70,000, a cire 45,000, saura 25,000. Dila kuma ya rage da 35,000 daga cikin 105,000 ɗinsa. Kowa ya fi yadda yake a da.

Inda lissafin yake rushewa

Idan farashin fulawa yana hawa, dila ya fi son ya riƙe kayansa, kuma ba zai rage ba. A lokacin sai a nemi ya tsayar da farashin yau zuwa ƙarshen wata. Idan farashi yana sauka, mai saye ne zai kwana da kaya masu tsada. Haka kuma wanda ya yi alkawarin buhu 100 ya ɗauki 60 ya zubar da amanarsa. Saboda haka a rubuta yawa da farashi da ranar biya a takarda, kowa ya sa hannu, kuma a duba ranar lalacewar da ke jikin buhu kafin a yi lodi, kada a ba ka ragi a kan tsohon kaya.

Aikin gida

Ku sake lissafin a kan cewa mai burodi ne yake biyan kuɗin mota da kansa, ba dila ba. Ku fitar da sabuwar iyakar sama da ta ƙasa, sannan kowa ya rubuta maganar da zai faɗa wa Alhaji a cikin jimla huɗu, ya kawo a darasi na gaba.