Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Hidimar Teburi a Gidan Abinci

Wata mai sauraronmu daga Gure, jihar Damagaram, ta ce ta samu aiki a gidan abinci a bakin titin da ya tashi daga Zinder zuwa Diffa, tana son sanin yadda ake hidimar teburi.

To Malama, baƙi na shigowa ki yi musu sannu da zuwa, ki nuna musu teburin da aka goge, ki kawo ruwan sha da na wanke hannu. Idan matafiya ne da motarsu ke jira, ki faɗa musu abin da ya nuna tun kafin su zaɓa.

A ce mutum 3 ne: 2 na son shinkafa da miya, ɗaya tuwo da miyar kuka. Ki maimaita musu abin da suka ce, ki tambayi mai son yaji, ki faɗi farashi. Rashin maimaitawar nan shi ke sa a mayar da abinci kicin.

Ki kawo abincinsu lokaci guda da hannun dama, ki fara da babba, kada yatsanki ya shiga cikin faranti. Bayan ɗan lokaci ki leƙo ko suna son ƙari.

Kada ki kwashe kwanuka wani yana ci, sai ya ga kamar korarsa ake yi. Idan sun gama ki nemi izini, ki kwashe, ki goge teburin.

Lissafi kuwa, ki miƙa wa wanda ya nema, ki faɗa a hankali. In shinkafa dala 200 ce, tuwo dala 100, jimlar mutum 3 ɗin nan dala 500, wato sefa 2,500. Ki ƙirga canji a gabansa, ki yi godiya, ki ce Allah ya kiyaye hanya.