Amsoshin Tambayoyinku: Agogon da ke Maimaita Sanarwar Saƙo

Wata mai sauraronmu daga Sokodé ta aiko da tambaya cewa agogon da ɗanta ya aiko mata daga Dapaong yakan yi mata ishara sau biyu kan saƙo guda, wani lokacin kuma ya yi shiru.

Hajiya, galibi dalilin maimaicin shi ne manhajar agogon tana da makunni biyu, ɗaya na SMS ɗaya na manhajar Messages, kuma da yake dukkansu saƙo guda suke isarwa, wajibi ne ki kashe ɗaya. Amma shirun, sau da yawa wayar ce ke rufe manhajar agogon domin tattalin batir. Sai ki cire mata wannan takunkumi, ki tabbatar izinin karanta sanarwa yana kunne, sannan idan saƙon na WhatsApp ne, ki duba ko an sa wa zauren shiru, domin abin da wayar ba ta sanar ba, agogo ba zai sanar ba.