Amsar wasiƙun masu sauraro: wanne ake fara sakawa a tukunyar miyar jajjage?

Daga cikin wasiƙun da suka iso shirin a wannan mako, biyu sun taɓo matsala ɗaya, ko da yake kowace ta hango ta ne ta fuska daban. Wata uwargida daga Gusau ta rubuto cewa miyarta takan yi tsami duk yawan dunƙulen da ta zuba, wata amarya kuma daga Maraɗi ta koka cewa miyar takan yi daidai a farkon girki, amma kafin a sauke gishiri ya yi mata yawa. Amsar su biyun tana cikin tsarin da ake bi wajen saka kayan miya, domin kowane ɗaya daga cikinsu yana da abin da yake buƙata daga wuta.

Albasa ce ta farko, kuma dalilin haka shi ne tana ɗauke da sukari wanda ba ya fitowa sai ta soyu a cikin mai, alhali idan aka jefa ta cikin ruwan tumatir dahuwa kawai za ta yi, tsamin tumatirin ma ya hana ta laushi da wuri. A tukunyar da za ta ciyar da mutum 6, wadda aka tanadar wa nama rabin kilo, tumatir 8 matsakaita, tattasai 4, attarugu 3 da albasa 2, ana yanka albasa ɗaya a soya a ludayi guda na man gyaɗa ko manja na tsawon minti 4 zuwa 5, har ta yi laushi gefenta ya fara ja. Idan ta yi baƙi ta ƙone, kuma ɗacinta zai bi miyar har kwano.

Bayan haka jajjage yake shiga, wato tumatir da tattasai da attarugu da ragowar albasa waɗanda aka daka ko aka markaɗa ba tare da sun yi lukui ba. Attarugu yana son mai, saboda sinadarin da ke ba shi yaji a mai yake narkewa, shi ya sa wanda aka soya yajinsa yake game miya ko'ina, wanda aka zuba daga baya kuwa yake yi wa mai ci zafi a harshe da warin ɗanye.

A nan ne matsalar uwargidan Gusau take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, kuma muddin wannan ruwa bai ƙone ba, jajjagen tafasa yake yi, bai fara soyuwa ba. Ana barin tukunya a buɗe a matsakaiciyar wuta kamar minti 20 zuwa 25, ana juyawa don kada ta kama, har sai launin ya koma ja mai duhu, mai ya taso ya kwanta a sama, ƙarar tafasa ta koma ta suya. A lokacin zaƙin tumatir da na tattasai ya tattaru ya rinjayi tsamin. Dunƙule ba ya kashe tsami ko kaɗan, gishiri da ɗanɗanon nama kawai yake ƙarawa a kansa. Kanwa tana kashe shi, gaskiya ne, amma idan ta yi yawa takan dusashe jan miyar ta bar mata bauri, don haka shirin ya fi ba da shawarar a yi haƙuri da suyar.

Ita kuwa amaryar Maraɗi, abin da ya kamata ta sani shi ne kusan rabin dunƙule gishiri ne, kuma gishiri ba ya tashi da tururi. Idan ta daidaita ɗanɗano tun miya na tsululu, to a yayin da ruwan ya ragu da rabi, ƙarfin gishirin ya ninka. Hanyar da ta dace ita ce a saka dunƙule ɗaya tun wajen tafasa nama tare da ɗan citta da tafarnuwa, domin ɗanɗano ya ratsa tsokar, sannan bayan jajjage ya soyu a zuba naman da romonsa, a murmushe dunƙule biyu a ciki, a rufe tukunya minti 10. Gishirin gari shi ne na ƙarshe, kuma sai an ɗanɗana an tabbatar da buƙatarsa, musamman a gidan da ke da mai hawan jini, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya tsaya ƙasa da giram 5 a rana. Idan kuwa gishirin ya riga ya zarce, sai a soya wani jajjagen daban ba tare da dunƙule ba a haɗa da miyar, domin ƙara ruwa zalla zai tsinka ta ne kawai.