Daga wace rana ake fara ƙirga kwanakin diyyar inshora?

Tun daga Janairun 2023, mai ƙaramar mota da ya sayi inshorar da ke biyan ɓarnar da ya yi wa wani yana biyan naira 15,000 a shekara, kamfani kuma ya ɗauki nauyin asarar dukiya har naira miliyan 3, kamar yadda hukumar NAICOM ta tsara. Amma mu da ke sashen biyan diyya mun san rigima ba kasafai take tashi a kan kuɗin ba, a kan jira take tashi. Maganinta kuwa yana cikin wasiƙar farko da kamfani ke aikawa cewa ya karɓi buƙata, muddin ta faɗi ranar da ƙirge zai fara.

A ce mota ta bugi wata a mahaɗar Shuwarin ranar kasuwa. Wanda aka yi wa ɓarna yana ƙirga kwana ne daga ranar hatsarin, kamfani kuwa sai takardu sun cika. Ko dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, kwana 90 ɗin da ta bayar na biya sun fara ne daga fitar takardar amincewa da adadin diyya. Don haka wasiƙa ta gari takan ɗauki lambar fayil da ranar karɓa da sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗin, ta lissafa abin da ya rage, wato rahoton 'yan sanda, lasin direba, takardun mota, hotuna da ƙiyasin bakanike. Sai ta ce, alal misali, mai tantance ɓarna zai zo cikin kwana bakwai bayan cikarsu, kada a taɓa motar kafin nan. Wannan gargaɗin ba ƙarami ba ne, domin idan aka kai ta gareji aka buga ƙarfe aka yi fenti, shaidar ta tafi. Wasiƙar da ta tsaya a kan “muna duba lamarin” ba ta tsare kowa daga wannan asara ba.

Wasu abokan aiki kan ce sa rana ɗaure kai ne, kuma za a ɗauka an amsa biya. Ai layi ɗaya ya isa ya bayyana cewa karɓar buƙata ba amincewa da ita ba ce, kuma alkawarin na ranar yanke hukunci ne, ko a biya ko a ƙi da dalili. Wasu kuma kan ce jami'in da aka ambata zai iya samun canjin wurin aiki. Gaskiya ne, shi ya sa ake haɗa sunansa da lambar wayar ofis da sunan mai tsaya masa. Mutumin Kiyawa ko Jahun da ba a ba shi sunan jami'i ba, kuɗin mota zai ƙona zuwa Dutse ko Kano a ce masa ya dawo gobe. Ƙorafin da na fi yarda da shi shi ne na harshe: wasiƙar Turanci zalla ba ta isa ba a nan, sai an biyo ta da kiran waya da Hausa, a karanta masa takardun da suka rage ɗaya bayan ɗaya.