Buhu Mai Uku ko Tano: Wanne Za a Zuba Wake?

Duk shekarar Allah, da zarar an gama roron wake, sai tambaya guda ta riƙa bina daga kasuwar Cadawa zuwa Gazawa har Tibiri ta Gidan Rumji, wato tsakanin buhun PICS, wanda manoma ke kira buhu mai uku, da tanon ƙarfe, wanne ya fi tsare wake daga ƙwaro. Tambayar ba ta gajiyar da ni. Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar da ke biye da ita, wai an shafa wa ledar buhun wani magani a asirce, kuma wai da ya shekara maganin ya salance, sai a ƙara masa ƙwaya.

Wallahi babu magani a cikinsa ko na ƙwayar zarra. Tun da Jami'ar Purdue ta Amurka da masanan INRAN na Maraɗi suka fara yaɗa shi a 2007, abin da ke cikinsa bai wuce leda biyu masu kauri da buhun saƙa na waje ba. Hikimar ita ce, ƙwaron da ke ɓoye cikin ƙwayar wake tun daga gona mai numfashi ne kamar kowace halitta, saboda haka idan aka toshe masa kafar iska, shi da kansa zai shanye wadda ta rage, ya daina ci, ya bushe, ya mutu. Haka tano yake aiki, ba ragi ba ƙari. Wanda ya jefa ƙwayar guba a ciki don neman lada, ya sani cikin iyalinsa ya jefa wa, kuma masu tallar ƙwayar nan a faranti kusa da masu ƙosai, alhali hukuma na kallo, su ne tushen wannan jita-jita.

To, tun da asalinsu ɗaya, bambancin yana wajen yawan waken da mutum ya mallaka. Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40, tano mai lita 200 kuwa wajen tiya 60. Bara wani dattijo daga wajen Agye ya zo mini da ƙorafi cewa tano ya ci amanarsa. Da na tambaye shi, ashe tiya 45 ya zuba, ya bar rubu'in tanon fanko, sannan uwargida tana buɗewa duk Juma'a ta ɗibi na miya. Na ce masa, Baba, ai kai ka ciyar da ƙwaron da hannunka, domin iskar da ke saman nan ta ishe shi ya hayayyafa, kuma duk buɗewa sabuwar iska ce. Da buhu ya zuba su, da ya matse ledar ta kwanta a kan waken, ya murɗe bakinta, ya lanƙwasa, ya ɗaure, kowace leda da ɗaurinta daban. Falalar buhu ke nan: yana bin yawan kayanka, ga araha, ga shi ana ɗora shi a amalanke a kai kasuwa ranar da farashi ya tashi.

Amma aibinsa ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ɓoye shi don ina sonsa ba. Ɓera ɗaya, ko tsinken kara da aka bari saboda ƙyuyar sheƙa, ya isa ya huda leda, huda kuwa ko ta kan allura ce ta ɓata aikin. Don haka kafin ka biya kuɗi, ka buɗe kowace leda ta sha iska, ka riƙe bakinta, ka danna. In ta sace, mayar wa mai ita. A gida a ɗora shi bisa katako, nesa da bango, cikin inuwa. Mai kula yakan more shi kaka uku, marar kula ko ɗaya ba ya kaiwa.

Tano kam ɓera ba ya masa komai, yana kuma shekaru, sai dai tsada, da nauyi, da tsatsa, da murfin da robarsa ta mutu, sannan wajibi ne a san abin da ya taɓa zama cikinsa, domin wanda ya ɗauki man fetur ko maganin feshi bai dace da abinci ba.

Hukuncina shi ne, mai tiya 60 cif, wanda ɓeraye suka addabi ɗakinsa kuma ba zai taɓa waken ba sai bazara, ya sayi tano. Wanda nasa bai kai haka ba, ko mai niyyar sayarwa, ya sayi buhu, na miya kuma a ware shi cikin bido. Ko wanne aka zaɓa, kada a buɗe kafin wata biyu, kada kuma a zuba wake sai an ciji ƙwaya an ji ta fashe ƙas a haƙori.