Yadda ake shirya darasin bita kafin jarrabawar birebe

Malamin lissafi na ajin ƙarshe a kolejin Tanut ko Belbeji ba shi da lokacin maimaita karatun shekara duka. Zafin Afrilu da Mayu yana cinye darasin rana, kuma da ruwan farko ya sauka a Damargu, wasu yaran sai gona. Don haka kowace awa ta bita ta tafi kan ciwo ɗaya da ka gano da idonka.

Fara da tara takardun birebe na shekara biyar da suka wuce, daga darakta ko tsofaffin malamai. Ka lura da tambayoyin da ba sa fashi, irin su buɗe baka, warware lissafin da ke da x, da ƙa'idar Fitagoras. Zaɓi huɗu, ka ba ɗalibai su yi cikin minti talatin, ba duba littafi.

Wurin gyara ne aikin yake. Kada ka tsaya ga maki bisa ashirin, don maki ba ya faɗa maka inda yaro ya ɓata. Ware takardun kashi uku: wanda bai gane umarnin ba, wanda ya gane amma ya saɓa ƙa'ida, da wanda bai taɓa tambayar ba. Kashin farko ya fi ba ni tausayi. Yaron da ke magana da Hausa, Buzanci ko Fulatanci a gida, da Faransanci ake tambayarsa. In ya rikita « développer » da « factoriser », kalma ce ta kayar da shi, lissafinsa lafiya lau.

A ce cikin ɗalibai sittin, talatin da biyar sun buɗe (2x − 3)² sun samu 4x² − 9. Darasinka ke nan. Rubuta wannan amsar a allo ba tare da ambaton sunan kowa ba, ka ce su sa 2 a madadin x. Bakar ta ba da 1, amsarsu ta ba da 7. Su da kansu za su ga akwai abin da ya ɓace. Sai ka sa su ninka (2x − 3)(2x − 3) ɗaya bayan ɗaya har −12x ya fito, a samu 4x² − 12x + 9. Wannan ya ci minti ashirin. Minti ashirin da biyar na gaba su yi irinsa bibbiyu, mai ƙarfi da mai rauni, kai kuma kana zagayawa kana leƙa hannunsu. Sauran lokacin, tambaya ɗaya daga tsohuwar takarda, kowa shi kaɗai.

Bayan mako guda ka sake kawo bakar da wasu lambobi, kamar (3x − 5)². In fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ajin sun sake mance −30x, to kada ka wuce zuwa Fitagoras tukuna.